Zan tafi Faransa da permi na Kamaru, za su canza mini shi ko sai na sake jarrabawa?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni ɗan Garwa ne, ina da permi B tun 2021, kuma na samu bizar dogon zama zan je wajen matata a Faransa nan da wata biyu in Allah ya yarda. A tasha wani ya ce in yi permi antarnasiyonal zan yi shekara uku ina tuƙi da shi, wani kuma ya ce in tsallaka Njamena in yi na Chadi wai shi ana canzawa a can. Dan Allah wanne ne gaskiya, kuma waɗanne takardu zan haɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kai ka lafiya ya sa a je a sa'a. Toh duka shawarwarin biyu kar ka ɗauki ko ɗaya, na farko kuɗinka kawai zai ci, na biyu kuma zai iya jawo maka abin da ya fi asarar kuɗi. Na daɗe ina koyar da tuƙi kuma na zauna a can na wasu shekaru, dosiye irin naka sun bi ta hannuna da yawa, bari in warware maka a hankali.

Abu biyu ne mutanenmu suke haɗawa wuri ɗaya alhali daban suke. Akwai a yarda da permi naka, wato ka riƙe katinka na Kamaru ka hau titinsu da shi ɗan sanda ya tsayar da kai ya duba ya ce wuce. Akwai kuma a canza maka shi, wato ka miƙa musu na Kamaru su riƙe su ba ka na Faransa ba tare da ka zauna jarrabawa ba. Na farkon kana da shi, amma na ɗan lokaci ne. Na biyun kuwa sai in ƙasar da ta ba ka permi tana cikin jerin ƙasashen da Faransa ke musayar permi da su, kuma Kamaru ba ta ciki. Maroko da Aljeriya da Tunisiya suna ciki, shi ya sa za ka ji maƙwabcinka Balarabe ya ce shi ai aika katinsa kawai ya yi aka aiko masa da sabo, gaskiya ya faɗa, amma hanyarsa ba taka ba ce. Jerin nan ma'aikatar harkokin wajen Faransa ce ke fitar da shi kuma yana canzawa, ana cire ƙasa ana ƙara wata, saboda haka kafin ka tashi ka buɗe shi da idonka a shafin service-public.gouv.fr, kar ka dogara da hoton da wani ya turo maka a waya wanda ba ka san shekararsa ba.

Yanzu maganar lokacin, nan ne mutane suke faɗawa rami. Dokarsu ta 12 ga Janairun 2012 ta ce baƙon da ya zo zama zai yi tuƙi da permi na ƙasarsa tsawon shekara ɗaya daga ranar da aka ɗauke shi mazauni. Ba daga ranar da ka sayi mota ba, ba daga ranar da ka fara aiki ba. Irin bizarka ta miji, wadda suke rubutawa VLS-TS, dole ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da saukarka, toh ranar da ka tabbatar ɗin nan ita ce ranar da agogo ya fara tafiya. A ce ka sauka 10 ga Satumba, ka huta ka gaisa da dangi, sai 2 ga Oktoba ka zauna ka tabbatar da bizar. Daga 2 ga Oktoba zuwa farkon Oktoban baɗi katinka na Kamaru halal ne a kan titi. Bayan nan, ko da a jikin katin an rubuta yana da sauran shekara shida, a idonsu kai mutum ne mai tuƙi ba permi, daidai da yaron da ya saci makullin babansa. Ka adana takardar tabbatarwar da za su turo maka, ka buga ta a takarda ka saka a mota tare da katin, don ɗan sanda ita zai duba ya lissafa, in ba ka da ita shi zai lissafa maka yadda ya ga dama a bakin titi.

Ɗalibai su nasu daban ne, mai takardar zaman ɗalibi yana tuƙi da permi na gida har ya gama karatu, shekara uku ko biyar duk ɗaya. Shi ya sa za ka ji wani ɗan uwa ya ce ni shekarata huɗu a Liyon da permi na Kamaru ba wanda ya taɓa ce mini komai. E, ɗalibi ne. Ranar da ya canza takarda ya koma ma'aikaci shi ma shekararsa ɗaya za ta fara ƙirguwa.

Permi antarnasiyonal kuwa, sunan ne yake ruɗar mutane, suna ji kamar wani babban permi ne da ya fi na gida. Fassara ce kawai, ɗan littafi ne da aka rubuta abin da ke jikin katinka cikin harsuna da yawa don ɗan sandan da bai iya Faransanci ba ya gane cewa B ke gare ka ba C ba. Ba ya aiki shi kaɗai sai da katin asali a gefensa, ba a canza shi da na wata ƙasa, kuma ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan shekarar nan. Shekara ukun da mutumin tasha ya faɗa daga yarjejeniyar Biyana ta 1968 ta fito, ita ce ta ce littafin zai iya kai shekara uku, ta Janeba ta 1949 kuma shekara ɗaya ta ce, amma wannan tsawon ran littafin ne ga matafiyi mai wucewa, ba izinin mazauni ba. Kuma kai ma ba ka buƙatarsa, katinmu da Faransanci da Turanci aka rubuta shi, abin da suke nema shi ne permi ya kasance da Faransanci ko a haɗa shi da fassarar da hukuma ta yarda da ita, kaga ka riga ka cika. Sai dai in kana da niyyar zuwa Turkiyya ko wata ƙasar yawo ka yi hayar mota, nan ne yake da amfani.

Sai maganar Njamena. Na gane inda tunanin ya fito, mu nan mun saba, direba ya taso daga Ngaundare ya bi Garwa da Marwa ya hau gadar Ngeli ya shiga Chadi da permi na Kamaru ba wanda zai ce masa ya canza, saboda ƙasashen CEMAC shida dokar hanya ɗaya suke bi tun 2001, abin da jandarma zai fi tsananta maka a kai ma shi ne asurans, wato kat roz, da kat giriz na motar. Sai mutum ya ɗauka ai permi permi ne, duk inda ka yanka ɗaya ne. A wajen Faransawa ba haka ba ne. Ko da ranar da ka duba ka ga sunan Chadi a jerin, akwai sharaɗin da zai tare ka: dole permi ya fito daga ƙasar da kake zaune a cikinta lokacin da aka ba ka, kuma zama a wajensu shi ne kwana 185 a cikin shekara. Wanda yake ɗan ƙasar da ta ba shi permi ba su cika wahalar da shi da hujja ba, faspo ɗinsa ya isa. Amma kai faspo na Kamaru, permi na Chadi, nan take za su ce kawo shaidar ka zauna a Chadi wata shida a shekarar, kwantiragin aiki da takardun albashi, ko rajistar ofishin jakadancinku a can, ko takardun makaranta. Kai da za ka je ka kwana uku a Njamena ka dawo me za ka nuna? Sannan ga kwanan watan da zai fito a katin, sati shida kafin tafiyarka, bayan biza ta riga ta fito, ko makaho ya shafa ya san abin da aka yi.

Kuma wlh irin permi na kwana uku ɗin nan yawanci ba ya cikin rajistar kowa. Na taɓa ganin wani yaro da ya biya wani ɗan kamasho kuɗi masu yawa aka kawo masa kati mai kyau har da ƙyalli, da ya aika asalin katin can aka saka shi a na'ura aka ce jabu ne, katin bai dawo ba, sabon bai zo ba, sai wasiƙar kira ya zo ya yi bayani. Amfani da takardar jabu laifi ne na kotu a can, kuma kai mutum ne da za ka riƙa sabunta takardar zama, ba ka son wannan tabon a dosiyenka saboda kati.

Toh me za ka yi a wata biyun da suka rage maka? Aikin duk a gida yake, don abin da za ka gama da ƙafarka cikin sati a nan, daga can sai ka yi wata huɗu kana kiran ƙaninka a waya kana turo kuɗin mashin.

Fara da ɗauko permi da faspo da takardar haihuwa ka jera su a tabarma ka karanta harafi harafi. Mu 'yan arewa wannan ita ce cutarmu, a takardar haihuwa Mouhamadou, a permi Mohamadou, a faspo kuma an juya sunan uba ya zo gaba. Ko kuma an rubuta né vers a takardar haihuwa, sai mai buga faspo ya sa 1 ga Janairu, mai buga permi ya sa 31 ga Disamba. A kwantrol ɗin hanyar Figil ba wanda zai kula, amma can mai duba dosiye bai san ka ba, bai san Garwa ba, abin da ke gabansa kawai takarda biyu ne masu suna biyu, kuma a wajensa mutum biyu ne. In ka ga bambanci ka je delegasiyon sufuri tun yanzu a gyara permi ya bi faspo, ba faspo ya bi permi ba, don biza tana jikin faspo. Ka duba ranar ƙarewar katin kuma, in zai mutu cikin shekarar farko ka sabunta kafin ka tashi, mataccen permi ba a yarda da shi ko kwana ɗaya. In an sabunta ko an yi maka dufilikata, ka juya bayan katin ka tabbata a layin B an bar ranar da ka fara cin jarrabawa a 2021, ba ranar da aka buga sabon kati ba. Wannan kwanan watan shi ne dukiyarka, shi ke nuna ka samu permi kafin ka zama mazaunin Faransa, wanda aka samu bayan nan ba ya aiki sam, ko da hutu ka dawo gida ka yi jarrabawar da gaske.

Na biyu, ka nemi takardar shaida daga ma'aikatar sufuri cewa permi naka na gaske ne, yana cikin rajista, ba a dakatar da shi ba kuma ba a soke shi ba. A shafinsu na can sunanta attestation des droits à conduire, mu nan an fi cewa atestasiyon otantisite. Ga masu canji ita ce zuciyar dosiye, kuma ba sa karɓar wadda ta wuce wata shida, saboda haka ba a yin ta da wuri sosai. Za ka ce to ni da ba za a canza mini ba me zan yi da ita? Tana da amfani wajen kamfanin asurans, don mutumin da ya nuna shekara huɗu yana tuƙi da wanda ba shi da tarihi ko kaɗan ba lallai a yanka musu kuɗi ɗaya ba, tana da amfani wajen oto-ekol, kuma ita ce hanyar da kai kanka za ka san ko lambarka na cikin rajista tun kana gida. Mutane nawa ne suka yi shekaru da kati a aljihu sai ranar neman wannan takarda suka gano lambar ta wani ce. In kana da asurans da sunanka a nan ka karɓi wasiƙa daga wajensu mai nuna shekarun da ka yi da ko ka taɓa haɗari, wasu kamfanonin can suna dubawa wasu ba sa kulawa, amma takarda ɗaya ba ta da nauyi a jaka. Ka ɗauki hoton komai gaba da baya, mai kala, ka ajiye a imel ɗinka.

Don amfanin masu karatu da ƙasarsu ke cikin jerin, tunda na san akwai masu permi na wasu ƙasashe a nan: ana neman canjin ne ta intanet a shafin ANTS, hukumarsu mai buga permi, cikin shekarar farkon nan, in ta wuce shikenan ƙofa ta rufe. Za a ɗora hoton permi gaba da baya, waccan takardar shaidar, takardar zama ko tabbacin biza, shaidar adireshi irin takardar wuta ko ta haya, hoto da sa hannu na na'ura, da fassara daga mai fassarar da kotu ta rantsar in permi ba da Faransanci yake ba. Daga baya su ce ka aiko da asalin katin ta gidan waya, su ba ka takardar wucin gadi ka riƙa tuƙi da ita, kuma katin da ka aika ba ya dawowa hannunka. Masu C da D sai sun ƙara da gwajin likitan da hukuma ta amince da shi, kuma ko an canza musu ba za su ja babbar mota don albashi ba sai sun yi horon FIMO na awa 140.

Kai dai hanyarka jarrabawa ce, kuma shawarata ka fara ta a watan farko, kar ka ce ai ina da shekara. Shekarar nan ba ta hutu ba ce, ita ce damar da kake da ita ta koyon titinsu da motar gida kana kan doka, abin da ɗan ƙasa mai koyo ma bai samu ba. Ka yi rajista a ANTS su ba ka lambar ɗan jarrabawa da ake kira NEPH, ita kanta takan ɗauki makonni. Sai kod, tambaya 40 ne dole ka ci 35, kuɗin zama yuro 30, wajen sefa dubu ashirin ke nan, kuma in ka ci yana aiki shekara biyar. Kar ka raina shi don ka yi kod a gida, akwai tambayoyi kan taimakon farko da gurɓata iska da na'urorin cikin mota waɗanda ba mu cika taɓawa a nan ba, kuma yadda suke juya Faransancin tambayar ma tarko ne, peux da dois kaɗai sun kayar da mutane da yawa.

Tuƙin kansa minti 32 ne, ana neman maki 20 cikin 31 ba tare da babban kuskure ko ɗaya ba. Abin dariya, tsofaffin direbobi sun fi sababbi faɗuwa, mutumin da ya yi shekara goma yana kauce wa ramuka da 'yan mashin a kasuwar Garwa hannunsa ya fi na mai jarraba shi, amma ba hannu ake dubawa ba. A alamar tsayawa dole tayoyi su tsaya cak, ba ka rage gudu ka leƙa ka wuce ba. A ƙananan titunan unguwa da ba alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya ko da lungu ya fito kai kana kan miƙaƙƙen titi. Mai tafiya a ƙasa in ya nuna alamar zai tsallaka a zanensa ka tsaya, ba hon za ka yi masa ba. Kuma kafin ka canza layi sai ka juya wuyanka ya gani, madubi kaɗai bai isa ba, mu kuwa mun saba da satar kallo da wutsiyar ido. Saboda haka ko da kana ganin ka iya, ka biya awa biyar ko shida wajen malamin can ya zauna gefenka ya tsince maka waɗannan halayen, ka gaya masa tun farko kana da permi na waje ka nuna masa takardar shaidar don kar a lissafa ka da wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba a sayar maka da awoyin da ba ka buƙata. Samun ranar jarrabawa a manyan garuruwa yakan ɗauki watanni, in ka faɗi kuma ka sake bin layi, shi ya sa na ce watan farko. Lissafa da kanka: Oktoba rajista, Disamba kod, Maris ko Afrilu gwajin farko, in an samu matsala kana da sauran wata biyar na sake gwadawa kafin 2 ga Oktoba ta zagayo.

In ka ci za su ba ka permi na gwaji mai maki 6 maimakon 12 na tsawon shekara uku, ka manna harafin A a bayan mota, a babbar hanya kuma 110 ne iyakarka ba 130 ba. Haka abin yake, sai haƙuri.

Wanda ya bar shekarar ta wuce ya ci gaba da tuƙi kuwa, in karon farko ne ana iya yanka masa tarar yuro 800 nan take, sama da sefa dubu ɗari biyar, in ta kai kotu dokar ta ba alƙali dama har ɗaurin shekara ɗaya da yuro 15,000. Amma ni ba tarar ce ta fi ba ni tsoro ba, asurans ne. Kamfani zai ci gaba da cire kuɗinsa kowane wata bai ce maka komai ba, sai ranar da ka buge wani a duba a ga shekararka ta cika tun wata uku baya, a biya wanda ka buge sannan a juyo kanka a ce ka mayar da kuɗin, in mutum ya nakasa kuwa bashi ne da za ka iya tsufa kana biya. Ka rubuta ranar a takarda ka ba madam ta manna a jikin firij, in ta zo ba ka ci jarrabawa ba ka ajiye makulli ka hau bas har ranar da takardar cin jarrabawa ta shigo hannunka.